Kwanciyar aure bayan ciwon zuciya: yadda za ki gane lokaci ya yi



Idan aka sallamo maigida daga asibiti bayan bugun zuciya, akan dawo gida da leda cike da magunguna da jerin dokoki: a rage gishiri, a rage maiƙo, a bar taba, a dawo ranar kaza. Tambaya ɗaya ce ba kasafai take fitowa daga bakin kowa ba, wato yaushe za a koma shimfiɗa. Likita yana sauri, layi ya yi tsawo, ga ƙanin miji ko babban ɗa tsaye a gefen gado. Sai miji da mata su tafi da tambayar a ciki.

Daga nan gida yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai uwargida ta ƙaurace wa mijinta wata da watanni saboda tsoron kada ya mutu a hannunta, har shi ya fara zaton an daina sonsa tun da ya zama majinyaci. Ko kuma maigida ya ce sai ya nuna har yanzu shi namiji ne, ya nemo ƙwayar ƙarin kuzari a ɓoye ya haɗa da maganin zuciyarsa. Na farkon yana cin aure a hankali, na biyun yana iya cin rai a dare ɗaya. Alhali akwai ma'auni mai sauƙi da za a iya yi a gida, kuma shi ne maganarmu ta yau.

Wane nauyi kwanciya take ɗora wa zuciya?

Bari mu fara da bambance cututtukan biyu, domin a bakinmu duka ciwon zuciya ne. Bugun zuciya shi ne jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe farat ɗaya, wani yanki na naman ya lalace. Gazawar zuciya kuwa, wadda wasu ke kira kumburin zuciya, ita ce zuciyar ta yi rauni ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu. Na farko rauni ne da yake buƙatar lokacin warkewa. Na biyu lalura ce da ake zama da ita, wata rana da sauƙi, wata rana da nauyi.

Likitoci sun auna aikin da jiki yake yi lokacin saduwa tsakanin ma'auratan da suka saba da juna. Abin da suka samu bai kai yadda muke zato ba. Jiki yana cin ƙarfi ninki 3 zuwa 5 na abin da yake ci idan mutum yana zaune yana hutawa. Wannan daidai yake da tafiya da ɗan sauri, ko hawa bene. Bugawar zuciya ba kasafai take wuce 130 a minti ɗaya ba, kuma ƙololuwar aikin ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, daga nan komai ya fara sauka.

Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da bayani na musamman a kan wannan batu a shekarar 2012. A ciki ta nuna cewa idan aka tara duk masu bugun zuciya, waɗanda saduwa ce ta tayar musu da shi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ta kuma duba rahotannin mutanen da suka mutu farat ɗaya lokacin saduwa, aka ga yawancinsu maza ne, kuma akasari ba tare da matansu na aure abin ya faru ba: a baƙon wuri ne, sau da yawa bayan an cika ciki da abinci da giya. Wato fargaba da zumuɗi da cikar ciki su ne suke ninka wa zuciya aiki. Ɗakin da aka saba, da matar da aka saba, cikin natsuwa, shi ne wuri mafi sauƙi ga zuciyar mijinki.

To amma a lura, wannan sauƙin haɗari na wanda ciwonsa ya lafa ne. Ga wanda ƙirjinsa yake ciwo ko yana zaune, lissafin daban ne.

Kwana nawa za a jira?

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa, amma akwai iyakokin da likitoci suke aiki da su.

Idan bugun zuciyar bai zo da wata matsala ba, wato babu ruwa a huhu, bugawar zuciya ba ta rikice ba, ciwon ƙirji bai dawo ba, to mafi ƙarancin jira shi ne mako ɗaya, da sharaɗin mutum yana iya matsakaicin motsa jiki ba tare da wata alama ba. A aikace, yawancin mutane sukan kai wajen mako huɗu kafin ƙarfinsu ya dawo daidai, kuma likitoci da dama wannan adadin suke bayarwa.

Idan an buɗe jijiyar ta hanyar zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, aka bar 'yar ragar ƙarfe a ciki don ta riƙe jijiyar a buɗe, to sai a ƙara duba wurin da aka huda. Dole ya warke, babu kumburi, babu tsattsafowar jini, musamman idan a matsematsi ne.

Idan kuwa tiyata aka yi aka tsaga ƙirji, ƙashin ƙirjin ne yake yanke hukunci. Yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Ko bayan nan, a guji duk yanayin da zai sa maras lafiya ya ɗora nauyin jikinsa a kan hannuwansa, ko a danne masa ƙirji.

Kwanakin kalanda dai ƙofa kawai suke buɗewa. Abin da zai nuna ko a shiga shi ne gwajin jiki.

Gwajin tafiya da gwajin bene

Tunda aikin saduwa daidai yake da tafiya mai ɗan sauri, to wanda ya iya wannan tafiya lafiya lau ya nuna zuciyarsa za ta iya ɗaukar wancan. Ma'aunin da masana suka ajiye shi ne tafiyar mil ɗaya, wato kilomita 1.6, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cikin minti 20. Idan ba ki san inda kilomita 1.6 ya ƙare a unguwarku ba, wayar da ke hannunki za ta taimaka. Yawancin wayoyi suna iya ƙirga taku, kuma wannan nisa wajen taku 2,000 ne ko ɗan sama da haka. A sa wayar a aljihun maigida, a duba agogo, a tafi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi.

Gwaji na biyu shi ne hawa matakala wajen 20 da hanzari ba tare da tsayawa ba, abin da lafiyayye zai yi cikin wajen daƙiƙa 10. Kada a fara da wannan. Sai tafiyar ta zauna tukuna. Wanda gwiwarsa take ciwo, ko gidan da babu bene, tafiyar kaɗai ta wadatar.

Ga abin da za ki lura da shi, kuma ya fi kyau ki bi shi ko ki haɗa shi da wani babba. Ki ja shi da hira yana tafiya. Idan yana iya ba ki amsa da cikakkiyar magana, ko da numfashinsa ya ɗan ɗaga, wannan daidai ne. Idan sai ya yanke magana kalma biyu-biyu yana neman iska, aikin ya fi ƙarfinsa. Bayan ya tsaya, numfashin ya kamata ya koma daidai cikin 'yan mintoci.

An faɗi gwajin idan ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana: ciwo ko nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, haki mai tsanani, jiri, zufa mai sanyi, ko zuciya ta riƙa harbawa ba tsari. Mata da masu ciwon suga su ƙara kula, domin su sau da yawa ba ciwon ƙirji suke ji ba. Haki ne, ko tashin zuciya, ko wata irin kasala da ba a saba da ita ba.

Cin gwajin sau ɗaya bai isa ba. A ci shi a ranaku dabam-dabam, kamar sau uku, sannan a faɗa wa likita sakamakon. Idan likita yana da shakka, akwai gwajin da ake yi a manyan asibitoci, inda mutum yake tafiya a kan na'ura an manna masa wayoyi a ƙirji ana kallon zuciyarsa. Wannan shi ne yake raba gardama.

Mu bi misali ɗaya daki-daki

A ce maigida ɗan shekara 54 ne, mai hawan jini. Ya yi bugun zuciya, an buɗe jijiyar ta wuyan hannu, an sallame shi a kwana na huɗu ba tare da wata matsala ba.

A makon farko aikinsa shi ne zagaya tsakar gida minti biyar, safe da yamma. A wannan mako babu maganar saduwa, amma babu dalilin raba ɗaki. Zama kusa da juna, riƙe hannu, tausa a kafaɗa, duk ba su da haɗari, kuma su ne suke hana tsoro ya yi gini a tsakaninku.

A mako na biyu ya kai minti goma, yana zuwa bakin titi ya dawo ba tare da ya tsaya ba. A mako na uku ya yi minti 20 cur, amma da kika duba wayar taku 1,400 ne. Ya gwada bene a wurin aikinsa, ya tsaya a matakala ta 12 yana haki, sai dai ƙirji bai yi ciwo ba, kuma bayan minti biyu ya dawo daidai. Me wannan yake nufi? Yana nufin zuciya tana farfaɗowa, amma ƙarfin bai kai ba tukuna. Ba abin tashin hankali ba ne. A ci gaba da tafiya kullum, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan.

A mako na biyar ya yi taku 2,100 cikin minti 20, ranar Litinin da Laraba da Asabar, yana hira yana tafiya. Ya hau matakala 22 bai tsaya ba. A ranar ganin likita aka auna jininsa aka ga ya daidaita. Wannan mutum ya shirya.

Yanzu mu canza abu ɗaya a labarin. A ce a mako na uku, da ya kai matakala ta 12, ba haki kaɗai ya ji ba, ƙirjinsa ne ya ɗaure, ciwon ya sauka hannun hagu, ya lafa bayan ya zauna. Wannan ba maganar a ƙara haƙuri ba ce. Alama ce cewa wani yanki na zuciya ba ya samun isasshen jini idan an sa shi aiki, ko dai wata jijiyar ce ta ƙuntata, ko wadda aka buɗe ce take neman komawa. A ranar za a nemi likita, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Gwajin ya yi amfaninsa, tunda a kan bene aka gano, ba a kan gado ba.

Idan maigida yana da mata fiye da ɗaya, a yi maganar a fili tsakanin manya. Ranar girki ta ci gaba da zagayawa, amma kowace ta san abin da likita ya ce, don kada kishi ko gudun zargi ya sa ya tilasta wa kansa abin da jikinsa bai kai ba. Idan kuma sabon aure ne a gaba, a sanar da likita, domin zumuɗin angwanci ya fi na zaman da aka saba ɗaga zuciya.

Idan gazawar zuciya ce

A nan ba a ƙirga makonni, yanayin jiki ake dubawa. Likitoci sun kasa masu gazawar zuciya mataki huɗu gwargwadon abin da yake sa su haki. A mataki na ɗaya mutum yana harkokinsa ba ya jin komai. A na biyu sai ya yi aiki kamar hawa bene ko tafiya mai nisa yake haki. A na uku ƙaramin abu kamar wanka ko sa tufafi ko zuwa ƙofar gida yana gajiyar da shi. A na huɗu yana haki ko yana zaune. Masu mataki na ɗaya da na biyu, idan suna shan magani kuma jikin ya daidaita, za su iya saduwa. Masu na uku sai likita ya gyara magani ya sake dubawa. Masu na huɗu su dakata.

Da yake ciwon yana hawa yana sauka, mutum ɗaya zai iya zama lafiya a wannan mako, ruwa ya taru masa a mako mai zuwa. Don haka ga tambayoyi uku na kowace rana. Shin matasan kai nawa yake buƙata kafin ya iya barci, sun ƙaru a kan na makon jiya? Shin idan kika danna ƙaurinsa da yatsa, wurin yana lotsawa ya daɗe bai ciko ba? Shin nauyinsa ya ƙaru? Ƙaramin sikeli na gida yana da amfani ƙwarai a nan. A hau shi kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne. A irin wannan rana a ɗaga saduwa, a nemi likita.

Dabaru biyu suna sauƙaƙa wa mai wannan lalura. Na farko, kada ya kwanta rigingine a miƙe, domin hakan yana tura ruwa zuwa huhu. A jera matasai ya kishingiɗa, ko a kwanta gefe da gefe, mai lafiya ya ɗauki mafi yawan aikin. Na biyu, a kula da lokacin maganin fitsari. Ƙwayar nan da ake kira lasis takan fara aiki cikin awa ɗaya, ta ɗauki wajen awa shida tana kai mutum banɗaki. A zaɓi lokacin da aikinta ya lafa, amma kada a tsallake shan ta don a ji daɗin dare.

Mai jego, wannan naki ne

Ba maza kaɗai wannan magana ta shafa ba. Akwai gazawar zuciya da take kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun ta a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kanta. Alamominta su ne haki, tari idan an kwanta, da kumburin ƙafa da ba ya saɓewa bayan haihuwa.

Idan an ce kina da ita, ki sani cewa cikar arba'in ba ta nufin zuciya ta warke. Farfaɗowa takan ɗauki wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye. Ma'aunin komawa shimfiɗa shi ne wanda muka faɗa: tafiyar minti 20 ba haki, barci ba tare da tara matasai ba, nauyi bai ƙaru ba. Ki kuma bar kunun kanwa, domin kanwa 'yar uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki.

Amma ga mai jego, babban haɗarin ba a saduwar yake ba, a cikin da zai iya biyo baya ne. Ana auna ƙarfin zuciya da hoton da ake ɗauka a ƙirji, irin na duba ciki. Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 50 cikin ɗari ko fiye na jinin da ke cikinta a kowace bugawa. Idan taki ba ta koma wannan adadi ba, sabon ciki yana iya durƙusar da ita, har ya kai ga rasa rai. Ko ta koma daidai, ciwon yana iya dawowa, don haka sai da shawarar likitan zuciya. Ƙari a kan haka, wasu magungunan da ake ba ki, irin su lisinofiril da losatan, suna cutar da ɗan tayi.

Saboda haka a tsara hanyar tazarar haihuwa kafin a koma shimfiɗa, ba bayan an koma ba. Shayarwa kaɗai ba abin dogaro ba ce. Ashanar hannu da robar mahaifa su ne likitoci suka fi zaɓa wa masu ciwon zuciya. Ƙwayoyin sha na kullum masu sinadarin istirojin ba su dace ba, domin suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Ki tafi da maigida wurin likita ya ji da kunnensa, hakan ya fi ki dawo ki ba shi labari.

Maganin ƙarfin maza: inda haɗarin gaske yake

Yawancin maza masu ciwon zuciya suna samun raunin gaba, kuma dalilansa uku ne. Cutar da ta ƙuntata jijiyoyin zuciya ita ce take ƙuntata na gaba. Tsoro da damuwa suna kashe sha'awa. Wasu magungunan hawan jini da na fitsari su ma suna da hannu. Kada ki fassara wannan da cewa ya daina sha'awarki, kuma kada ya daina shan maganinsa don ya gwada. Daina maganin da ke rage gudun zuciya farat ɗaya yana iya tayar da wani bugun. Likita yana iya sauya wani maganin da wani.

Ƙwayoyin da ake kira bayagara, masu sinadarin sildenafil ko tadalafil, suna aiki ne ta hanyar buɗe jijiyoyin jini. Ga mai ciwon zuciyar da ya daidaita, likita yana iya rubuta su. Amma akwai rukunin maganin zuciya da ba a taɓa haɗa su da shi, wato naitiret. Shi ne 'yar ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe ko a fesa idan ƙirji ya ɗaure, da kuma ƙwayoyin sha na kullum da sunansu a jikin kwali yake farawa da isoso. Ana ba masu gazawar zuciya irin wannan sosai. Shi ma buɗe jijiyoyi yake yi. Idan biyun suka haɗu a jiki, jini yana iya faɗuwa warwas, mutum ya suma, zuciyar da dama take da rauni ta rasa jini.

Wanda yake shan naitiret kullum, waɗannan ƙwayoyi ba nasa ba ne sam. Wanda kuma ya sha sildenafil, ba a ba shi naitiret sai bayan awa 24. Idan tadalafil ne, sai bayan awa 48.

Kada kuma a ce ai na gargajiya ne. An sha gwada zuma da shayi da kofi da tsimin da ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari, a tarar an zuba musu sildenafil ba tare da an rubuta a jiki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan kaya. Kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, a ɗauke ta kamar bayagara ce. Haka kayan mata ga uwargida mai ciwon zuciya. Idan bushewar gaba ce damuwar, man shafawa na kantin magani ba ya taɓa zuciya.

Daren farko, da abin yi idan ciwo ya taso

A zaɓi lokacin da aka huta, da yawa sukan fi jin daɗin safiya. A bar aƙalla awa biyu bayan cin tuwo ko wani abinci mai nauyi, domin narkar da abinci ma aiki ne ga zuciya. Ɗaki ya kasance da iska, ba lokacin da zafi ya tsananta ba. A fara a hankali, a ɗauki lokaci ana wasa, yadda bugawar zuciya za ta hau sannu-sannu. Ku yi alkawari tun kafin a fara cewa duk wanda ya ce a tsaya, za a tsaya ba tare da fushi ba. Idan ba a kai ƙarshe ba a karon farko, ba komai, gobe ma rana ce.

Idan ƙirji ya ɗaure ana ciki, a tsaya nan take, ki zaunar da shi ya jingina. Idan likita ya ba shi ƙwayar ƙarƙashin harshe, kuma kin tabbata bai sha maganin ƙarfin maza ba, ya sa ɗaya. Idan bayan minti biyar ciwon bai lafa ba, ko yana ƙaruwa, sai asibiti. Kada ya tuƙa mota da kansa, kada a jira gari ya waye, kada kunya ta sa ki tsaya neman abin da za ki faɗa wa maƙwabta. A asibiti ki faɗi gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha, domin naitiret yana cikin magungunan farko da ake ba mai ciwon ƙirji.

Ko an gama lafiya, a lura da washegari. Haki ko bugawar zuciya da ta wuce minti 15 ba ta sauka ba, kasa barci saboda numfashi, ko gajiyar da ta hana fita aiki, duk alamu ne cewa an yi gaggawa. A koma tafiya, a sanar da likita.

Saura yadda za a buɗe maganar a asibiti. Ki roƙi 'yan rakiya su ɗan ba ku wuri, ki ce: "Likita, muna so mu san ko zai iya kusantar iyali, kuma ko cikin magungunansa akwai wanda ba a haɗawa da maganin ƙarfin maza." Likitocin zuciya sun saba jin wannan tambaya. Ki tafi da ledar magungunan gaba ɗaya, da adadin takun da wayar ta ƙirga a makon.

Mai tambaya ta ajiye ta a ƙasa, ba sai ta faɗi sunanta ko na mijinta ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya bar mu da mazajenmu cikin rufin asiri. Sai mako mai zuwa.